Hanyoyi Biyu na Gano Sanadin Cuta: Binciken Bin Sawu da Binciken Waiwaye

A tsakiyar shekarun 1980 aka haƙa wa garin Tibirin Gobir, wanda ke kusa da birnin Maraɗi, rijiyar burtsatse mai zurfi, aka jawo ruwanta zuwa famfunan gari. Ruwan garau yake, ba ya wari, ba ya da ɗanɗano marar daɗi. Bayan wasu shekaru sai aka lura haƙoran yara masu tasowa suna yin ja-ja kamar na mai cin goro, wasu kuma ƙafafunsu sun lanƙwashe, ƙasusuwansu sun nakasa. Da aka auna ruwan, sai aka tarar sinadarin fulorayid da ke cikinsa ya ninka iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa har sau uku zuwa huɗu. Iyakar kuwa ita ce miligiram ɗaya da rabi a kowace lita. Ɗaruruwan yara ne suka nakasa, kuma sai a farkon shekarun 2000 aka sauya wa garin ruwan sha.

Kafin a auna ruwan, kowa da abin da yake zato. Wani ya ce iska ne, wani ya ce gado ne, wani ya ce rashin abinci ne. Ta yaya ake fita daga zato a kai ga sani? Masu binciken lafiya suna da manyan hanyoyi biyu na lura da jama'a domin gano ko wani abu yana jawo wata cuta. Wannan shafi zai bayyana su, tare da lissafin da kowace take bayarwa, domin lissafin nan biyu suna kama da juna, amma ba ɗaya suke ba.

Hanya ta farko: bin sawu

A wannan hanya ana farawa ne da mutane masu lafiya. Mai bincike yana raba su gida biyu bisa ga abin da ake zargi: waɗanda suke haɗuwa da abin, da waɗanda ba sa haɗuwa da shi. Ba shi ne ke sa su ba, haka ya tarar da su. Daga nan sai ya bi sawunsu wata da watanni, ko shekara da shekaru, yana rubuta wanda ya kamu da wanda bai kamu ba. A littattafan likitanci ana kiran irin wannan rukuni na mutane kohot, wato ayarin da ya tashi tare ake binsa har zango.

Ga misali. Lambobin da ke cikinsa na koyon lissafi ne kawai, ba sakamakon wani bincike ba ne.

A ce ma'aikatan lafiya a unguwar Zariya ta birnin Maraɗi suna so su san ko barin randa a buɗe yana jawo wa yara gudawa. A farkon damina sai suka zaɓi yara 400 masu lafiya. Yara 200 suna gidajen da randa take a buɗe, kowa yana tsoma moɗar da ya samu. Sauran 200 suna gidajen da randa take da murfi da moɗa tata ta musamman. Kowane mako ma'aikaciya tana zagawa gida-gida tana tambayar uwaye. Bayan wata uku aka ƙidaya:

Buɗaɗɗiyar randa: yara 60 sun yi gudawa, 140 ba su yi ba.
Rufaffiyar randa: yara 20 sun yi gudawa, 180 ba su yi ba.

Yanzu za a iya faɗin haɗari. Haɗari a nan yana nufin mutum nawa ne suka kamu daga cikin dukan waɗanda aka bi. A gidajen buɗaɗɗiyar randa, 60 ne cikin 200, wato yara 30 cikin kowane 100. A gidajen rufaffiyar randa, 20 ne cikin 200, wato yara 10 cikin kowane 100. Idan aka raba 30 da 10 za a sami 3. Wannan shi ne ninkin haɗari: yaron gidan buɗaɗɗiyar randa ya fi ɗan'uwansa haɗarin gudawa sau uku. Da a ce amsar ta fito 1, to babu bambanci ke nan tsakanin gidajen. Da ta fito ƙasa da 1, to abin da ake zargi kāriya yake yi.

Ƙarfin wannan hanya shi ne an ga randar tun kafin yaron ya kwanta. Ba a dogara da tunawar kowa ba, kuma an san abin da ya riga wani zuwa.

Hanya ta biyu: waiwaye

Ita kuma wannan daga ƙarshe take farawa. Mai bincike yana tattara waɗanda cutar ta riga ta kama. Sannan ya nemo wasu mutane makamantansu waɗanda ba su da cutar, domin ya kwatanta. Waɗanda suka yi karatu da Faransanci suna kiran waɗannan lafiyayyu shaidu, kuma sunan ya dace, domin su ne suke shaida yadda jama'ar wurin take in babu cutar. Daga nan sai a waiwaya baya, a yi wa kowa tambaya iri ɗaya: me ka ci, wane ruwa ka sha, ina ka je?

Mu koma Zariya. A ce ba a bi kowa ba tun farkon damina. Sai a ƙarshe aka je ɗakin shan magani aka ɗauko sunayen yara 80 da suka yi gudawa, aka kuma zaɓi shaidu 80 daga yaran maƙwabta da ba su yi ba. Aka shiga gidajensu aka tambayi yadda randa take:

Masu gudawa 80: 60 buɗaɗɗiyar randa, 20 rufaffiya.
Shaidu 80: 35 buɗaɗɗiyar randa, 45 rufaffiya.

Ko ba a yi lissafi ba an ga alama: buɗaɗɗiyar randa ta fi yawa a gidajen marasa lafiya. Aikin da ya ci wata uku a hanyar farko, a nan mako biyu zai iya isa, kuma yara 160 aka nema maimakon 400.

Amma akwai tarko, kuma mutane da yawa suna faɗawa cikinsa. Wani zai ce: yaran buɗaɗɗiyar randa a wannan bincike su 95 ne, wato 60 da 35, kuma 60 daga ciki sun yi gudawa, ashe haɗarin ya kai 63 cikin 100. Wannan kuskure ne. Mun riga mun san haɗarin gaskiya 30 ne cikin 100. Daga ina 63 ya fito? Ya fito daga hannun mai binciken, domin shi ne ya ga dama ya ɗauki shaidu 80. Da ya ɗauki 160, da yaran buɗaɗɗiyar randa a cikinsu sun kai 70, sai lissafin ya koma 60 cikin 130, wato 46 cikin 100. Cutar ba ta sauya ba, unguwar ba ta sauya ba, amma lambar ta sauya. Lambar da ke sauyawa da yawan shaidun da aka ga damar ɗauka ba ta faɗin komai game da cuta. Saboda haka binciken waiwaye shi kaɗai ba ya iya faɗin haɗari. Dole a nemi wani ma'auni.

Lissafin gaba-da-gaba

Duk wadda ta taɓa haɗa hatsi don niƙa ta san wannan lissafi, ko da ba ta san sunansa ba. A ce an zuba tiya ɗaya ta dawa a kan tiya huɗu ta gero. Ana iya cewa dawa kashi ɗaya ce cikin biyar na dukan hatsin. Ana kuma iya cewa dawa ɗaya ce ga gero huɗu. Hatsi ɗaya ne, magana biyu. Ta farko ta auna dawa da dukan abin da ke cikin ƙwarya, irin lissafin haɗari ke nan. Ta biyu ta ajiye dawa a gefe guda, gero a gefe guda, ta gwada su da juna. Wannan ta biyun ita ce likitoci suke kira ods. A nan za mu kira ta gaba-da-gaba.

A cikin yara masu gudawa, buɗaɗɗiyar randa 60 ce ga rufaffiya 20, wato uku ga ɗaya. A cikin shaidu kuwa 35 ce ga 45, wato ba ta ma kai ɗaya ga ɗaya ba. Idan aka raba na farko da na biyu, za a sami ninkin gaba-da-gaba. Hanya mafi sauƙi ita ce a ninka lambobin a gicciye:

(60 × 45) ÷ (20 × 35) = 2700 ÷ 700 = 3.9

To idan shaidu 160 aka ɗauka fa? Za su kasance 70 da 90:

(60 × 90) ÷ (20 × 70) = 5400 ÷ 1400 = 3.9

Amsar ba ta motsa ba. Idan kuma aka koma kan yara 400 na binciken bin sawu aka yi musu wannan lissafi, 60 sau 180 a raba da 140 sau 20, nan ma 3.9 za a samu. Wannan shi ne dalilin da ya sa binciken waiwaye yake da daraja: da mutane kaɗan yana ba da amsar da za a samu da an tambayi unguwa gaba ɗaya, muddin shaidun da aka zaɓa sun wakilci lafiyayyun unguwar da gaske.

Sai dai mai karatu ya lura: ninkin haɗari 3 ne, ninkin gaba-da-gaba kuwa ya kusa 4. Ba kuskuren lissafi ba ne. Idan cuta ta yawaita, kamar gudawa da damina, ninkin gaba-da-gaba yana zarce ninkin haɗari, kuma duk wanda ya ce yaran nan sun fi haɗari sau huɗu ya ƙara gishiri. Idan kuwa cutar ba ta cika faruwa ba, lambobin biyu suna matsowa kusa har su kusa haɗewa. A ce yara 6 ne cikin 1,000 suka kamu a rukuni ɗaya, 2 cikin 1,000 a ɗayan. Ninkin haɗari 3 ne. Ninkin gaba-da-gaba kuma, 6 sau 998 a raba da 994 sau 2, yana ba da 3.01. Dalili a fili yake: idan tsakuwa shida ce a cikin buhun gero, ko ka auna ta da geron kaɗai ko da dukan buhun, kusan abu ɗaya ne. Masu bincike sukan ce idan cutar ba ta kai kashi 10 cikin 100 ba, ana iya karanta ninkin gaba-da-gaba kamar ninkin haɗari ba tare da babbar ɓata ba.

Wace hanya ta dace da wace matsala?

Labarin Tibiri ya fi dacewa da bin sawu. Abin da ake zargi a wuri ɗaya yake, an san lokacin da ya fara, an kuma san waɗanda suka sha. Ba a ko'ina ake samun irin wannan ruwa ba, amma ga waɗanda suka tashi da shi tabon haƙori ba baƙon abu ba ne. Mai bincike zai jera yaran da suka girma da ruwan famfon, ya jera tsaransu na ƙauyukan kewaye da suka girma da ruwan wasu rijiyoyi, ya duba haƙora da ƙafafu, ya ƙidaya. Ba sai ya jira shekara goma ba, kuma ba halal ba ne ma ya zauna yana kallon yara suna shan ruwan da yake zargi. Zai gina ayarinsa ne daga baya, ta hanyar shekarar haihuwa da wurin ɗibar ruwa na kowane gida. Duk da cewa an koma baya, wannan bin sawu ne, domin an raba mutane bisa ga ruwan da suka sha, ba bisa ga cutar ba. Abin da ke bambanta hanyoyin biyu ke nan: inda aka fara rabo. Akwai kuma wata shaida da shekarar haihuwa take bayarwa. Fulorayid yana ɓata haƙori ne a lokacin da haƙorin yake ginuwa cikin dasashi, wato kafin yaro ya kai kamar shekara takwas. Wanda ya riga ya girma kafin a haƙa rijiyar ba zai yi wannan tabo ba ko da ya sha ruwan. Idan gado ne, me zai sa ya tsallake yayye ya kama ƙanne?

Akwai kuma cutar da bin sawu ba zai yi mata amfani ba. Ita ce noma, wadda ba ta da alaƙa da noman gona, suna ne kawai ya zo ɗaya. Wasu suna kiranta zaizayar baki. Tana farawa da gyambo a dasashin ƙaramin yaro, cikin ƴan kwanaki ta ci kunci ko leɓe, kuma mafi yawan yaran da ba su sami magani ba suna mutuwa. A watan Disamba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su. Cuta ce mai tsanani, amma ɗaiɗai take kamu, yaro ɗaya a wannan ƙauye, wani a can nesa. Wanda ya ce zai bi sawun lafiyayyun yara har ya ga isassun masu noma, sai ya bi dubun dubata, shekara da shekaru.

Don haka masu bincike daga birnin Janeba na ƙasar Suwizalan, tare da ma'aikatan lafiya na Nijar, suka bi hanyar waiwaye a jihar Damagaram. Daga 2001 zuwa 2006 sun tattara yara 82 ƴan ƙasa da shekara 12 da noma ta kama. Ga kowane yaro sun nemi shaidu huɗu, tsaransa daga ƙauyensu, har shaidun suka kai 327. An buga sakamakon a 2013. Ninkin gaba-da-gaba na tsumburewa mai tsanani, wato yaro ya kasa tsawon da ya dace da shekarunsa, ya kusa 5. Na rashin lafiya a watanni ukun da suka gabata, kamar zazzaɓi ko gudawa ko ciwon ƙirji, ya kai 2.7. Tun da noma ba ta yawaita ba, waɗannan lambobi sun yi kusa da ninkin haɗari. Amma binciken bai faɗi yaro nawa cikin dubu noma take kamawa a Damagaram ba, kuma ba zai iya ba, saboda dalilin da muka gani a misalin randa.

A lura ma da cewa shekara biyar aka yi kafin a tara yara 82. Ana cewa waiwaye ya fi sauri, kuma gaskiya ne, amma saurin gwargwadon ƙarancin cutar ne.

Batun kaji, da sauran wuraren tuntuɓe

Binciken Damagaram ya fito da wani abu mai ban mamaki: rashin kaji a gida ya fi yawa a gidajen yara masu noma, da ninkin gaba-da-gaba kusan 2. Shin kaza tana maganin noma? Babu mai hankalin da zai ce haka. Abin da ya fi kusa da gaskiya shi ne gidan da ko kaza babu, gida ne da talauci ya yi wa katutu, kuma talaucin ne yake tafe da yunwa da cuta. Kaza alama ce kawai. Wannan matsala tana damun hanyoyin biyu duka: wani abu na uku yana laɓe a bayan abin da ake zargi. A misalinmu na Zariya, mai yiwuwa gidan da ake rufe randa shi ne kuma gidan da ake wanke hannu da sabulu, ake da salga mai kyau. To murfin ne ya kāre yaron ko sabulun? Ana gane wannan ta hanyar kasa lissafin kashi-kashi: a kwatanta masu sabulu da masu sabulu, marasa sabulu da marasa sabulu. Idan ninkin ya faɗo kusa da 1 a kowane kashi, to ba murfin ba ne. Amma abin da ba a tambaya ba tun farko, babu yadda za a kasa shi daga baya.

Binciken waiwaye yana da nasa raunin na musamman, kuma mafi girma shi ne zaɓen shaidu. A ce an ɗauki marasa lafiya daga babban asibitin Maraɗi, mafi yawansu an kawo su daga Jiratawa da ƙauyukan gefen Gulbin Maraɗi, sannan don sauƙin aiki aka ɗauki shaidu daga unguwar Zariya. Me za a gano? Za a gano cewa marasa lafiya sun fi aikin lambu, sun fi cin zogale, sun fi hawan amalanke. Ba sanadin cuta aka gano ba, bambancin ƙauye da birni aka gano. Ƙa'idar ita ce: shaida shi ne wanda da cutar ta kama shi, da a wannan asibitin za a gan shi, a cikin wannan jerin. Shi ya sa masu binciken noma suka ɗauki wahalar zuwa ƙauyen kowane yaro.

Rauni na biyu shi ne tunawa. Uwar da ɗanta ya kwanta ta kwana tana tunanin duk abin da ya ci da wanda ya sha. Uwar lafiyayye kuwa in an tambaye ta abin da ɗanta ya ci makon jiya, sai ta ce abin da aka saba. Wata kuma kunya za ta sa ta ce randarta kullum a rufe take. Idan ɓangare ɗaya ya fi ɗayan tunawa, lissafi ya karkace ko da babu wanda ya yi niyyar ƙarya. Maganinsa shi ne a dogara da abin da ido zai gani ko aka rubuta tun da wuri, kamar katin rigakafi ko awon tsawo, kuma in zai yiwu mai tambayar kada ya san wane ne mai cuta wane ne shaida.

Na uku, ba kullum ake sanin abin da ya riga wani ba. Yaron da bakinsa ya yi gyambo ba ya iya cin abinci, zai rame cikin kwanaki. Idan aka tarar da shi a rame, ramar ce ta jawo noma ko noma ce ta jawo rama? Tsumburewa ta fi zama shaida mai ƙarfi, domin tsawon yaro ba ya raguwa a mako biyu, abu ne na watanni da shekaru da ya riga cutar.

Shi ma bin sawu ba tsira ya yi ba. Ban da tsada da daɗewa, babbar matsalarsa ita ce ɓacewar mutane. A ƙasar Maraɗi da zarar an gama girbi wasu sun tafi ci-rani, mace ta tafi wankan jego gidan iyayenta, iyali sun ƙetara Jibiya ko Katsina. Idan waɗanda suka ɓace kamar sauran suke, hasarar kaɗan ce. Amma sau da yawa gidan da ya fi talauci, wanda yaransa suka fi ciwo, shi ne yake fara tashi, sai rukuninsu ya zama kamar ya fi lafiya fiye da yadda yake. Rahoton kirki yana faɗin mutum nawa aka fara da su, nawa aka ƙare da su. Idan aka fara da 400 aka ƙare da 250, a yi hattara da sakamakon.

Yadda hanyoyin suke taimakon juna

Tarihin taba sigari ya nuna yadda ake haɗa su. A 1950 masu bincike biyu a Ingila, Richard Doll da Austin Bradford Hill, suka buga binciken waiwaye da suka yi a asibitocin Landan. Cikin maza 649 masu sankarar huhu, biyu ne kacal ba sa shan taba. Cikin shaidu 649 kuwa, 27 ne ba sa sha. Mafi yawan maza suna sha a zamanin, shi ya sa bambancin yake kamar ƙarami, amma lissafin gicciye, 647 sau 27 a raba da 2 sau 622, yana ba da 14. Mutane da yawa ba su gamsu ba, suka kawo irin ƙorafin da muka ambata. Sai a 1951 mutanen biyu suka fara bin sawun likitocin ƙasar, maza fiye da 34,000, bayan sun tambaye su yadda suke shan taba. A 1954 sakamakon farko ya tabbatar da na waiwaye. An ci gaba da bin wannan ayari har shekara 50, zuwa 2001, aka kuma gano cewa wanda ya ci gaba da shan taba yana rasa kimanin shekara goma na rayuwarsa. Waiwaye ya nuna inda za a duba, bin sawu ya auna girman ɓarnar.

Akwai hanya ta uku wadda ba lura kawai ba ce, wato gwaji, inda ƙuri'a take raba mutane. An yi irinsa a gundumar Madarunfa, wadda Jiratawa take cikinta, a kan ɗigon rigakafin ƙwayar rota mai jawo wa jarirai gudawa. A sakamakon da aka buga a 2017, cikin jarirai kimanin 3,500, gudawar rota mai tsanani ta kama 31 a rukunin da ya sami rigakafin, ta kama 87 a rukunin da bai samu ba, wato haɗari ya ragu da kashi biyu cikin uku. Ƙuri'a tana raba talauci da sabulu da kaji daidai tsakanin rukunoni, abin da lura ba ta iya yi. Sai dai abin da ake fatan zai amfana kaɗai ake gwadawa haka. Ba a jefa ƙuri'a a ce wannan yaro ya sha ruwa mai fulorayid, wancan ya sha taba.

Idan aka ji sakamako a rediyo

Idan mai labarai ya ce wani abu yana ninka haɗarin cuta sau uku, tambaya ta farko ita ce: sau uku na nawa? A misalin randa, haɗari ya tashi daga yara 10 zuwa 30 cikin 100. Idan randar ce sanadi da gaske, rufe ta zai hana yara 20 cikin kowane 100 kwanciya a damina ɗaya. A ɗaya misalin kuwa haɗari ya tashi daga 2 zuwa 6 cikin 1,000, bambancin yara huɗu ne cikin dubu. Duka biyun ninki uku ne, amma nauyinsu ga unguwa ba ɗaya ba ne, kuma bin sawu ne yake ba da wannan lamba ta tushe. Tambaya ta biyu ita ce mutum nawa aka ƙidaya. Idan marasa lafiya takwas ne da shaidu takwas, mutum ɗaya da ya manta ko ya ɓoye gaskiya ya isa ya mai da ninki huɗu ya koma biyu. Saboda haka rahotanni suke rubuta lambobi biyu kusa da ninkin, ta ƙasa da ta sama, waɗanda suke nuna tazarar da gaskiya za ta iya kasancewa a ciki. Idan aka rubuta ninki 3, tazara daga 2 zuwa 5, to ko a mafi ƙaranci haɗarin ya ninka. Idan kuwa tazarar daga 0.8 ce zuwa 9, lambar 1 tana cikinta, wato mai yiwuwa ne babu wani bambanci tsakanin rukunonin biyu, kuma sai an sake binciken da mutane masu yawa.